Yadda Na Daskarar da Ƙwai 70 Bayan An Ɗaga Biki

A watan Afrilu abin ya faru, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 kuma ko bango ka jingina da shi da dare sai ka ji ɗumi. Ina sana'ar kek da cincin a gida, a unguwar Yelwa, kuma an ba ni aikin wani biki. Na sayo kiret uku na ƙwai, wato guda 90, na jera su a kusurwar ɗaki. Saura kwana huɗu a fara aikin sai aka yi rasuwa a dangin ango, aka ɗaga bikin da wata biyu. Fulawa da sukari za su jira, man ma zai jira. Ƙwai kuwa a wannan zafi ba ya jiran kowa, kuma ƙaramin firijinmu ba zai ɗauki ko kiret ɗaya ba saboda ruwan sha da miya sun cika shi. Abin da nake da shi mai wuri shi ne babbar firiza da nake daskarar da zobo da ƙanƙarar sayarwa.

Daren farko na yi abin da hankalina ya ba ni. Na ɗauki ƙwai 10 da ɓawonsu na saka a roba na tura firiza. Wasu 6 kuma na fasa, na yi amfani da farin a wani ƙaramin aiki, na zuba gwaiduwar a kwano na rufe na saka kusa da su. Bayan kwana biyu na duba. Bakwai cikin goman sun tsage, wasu daga sama har ƙasa, farin ya leƙo ta tsagar ya daskare a waje. Gwaiduwar da ke kwano kuwa na bar ta ta narke a firiji, na sa cokali zan kaɗa, sai na ji ta yi danƙo kamar ƙaron da aka jiƙa bai gama narkewa ba. Na zuba madara na murza da bayan cokali, ta ƙi haɗuwa, sai gudaji-gudaji masu ruwan lemo suna yawo a cikin madarar. Raina ya ɓaci sosai, domin kuɗin mutane ne a jikin ƙwan nan.

Na kira yayata da ke aure a Ngaundere, wadda a hannunta na koyi kek. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ƙanwata, gwaiduwar da kika saka, kin zuba mata gishiri ko sukari?" Na ce a'a Yaya, haka na saka ta. Ta ce, "To ita ce matsalar. Farin ƙwai ba ruwansa da sanyi. Gwaiduwa ce ke da rigima, kuma in ta riga ta ƙulle babu abin da zai kwance ta."

Bayanin da ta yi mini, wanda na tabbatar da idona daga baya, shi ne wannan. Farin ƙwai kusan kashi tara cikin goma ruwa ne, ya daskare ya narke ya dawo kusan yadda yake. Gwaiduwa kuwa rabinta ne kawai ruwa, sauran maiƙo ne da sinadarin gina jiki. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 6 a ƙarƙashin sifili, ruwan cikinta ya zama ƙanƙara ya janye gefe, sai ƙwayoyin maiƙon nan su matsu su manne da juna. Ko ƙanƙarar ta narke, su ba sa sakin juna. Gishiri ko sukari suna riƙe wani ɓangare na ruwan su hana shi daskarewa gaba ɗaya, sai mannewar ta ragu ƙwarai. Tsagewar ɓawo kuma abu ne da duk mai sayar da ƙanƙara ta sani: ruwa in ya daskare kumbura yake yi, ɓawon ƙwai kuma ba ya miƙewa. Waɗanda suka tsage ta ce in zubar, don dattin bayan ɓawo ya riga ya sami hanyar shiga. Ukun da ba su tsage ba na narkar da su a firiji na dafa, aka ci, amma ba abin da za a iya yi da su ke nan ban da dafawa.

Washegari da asuba, kafin rana ta ɗaga, na zauna da sauran 74. Na wanke hannu da sabulu, na ɗauraye kwanoni da rariyar waya da cokula na bar su suka bushe sarai. Na ajiye ƙaramin kofi a gabana, kowane ƙwai sai na fasa shi a nan na duba na sansana kafin in juye shi cikin 'yan'uwansa. Wannan ya cece ni, domin guda huɗu sun fito da gwaiduwa a fashe, farin ya tsinke kamar ruwa, ɗaya ma har ya fara wari. Da na fasa su kai tsaye cikin babban kwano, da baragurbi ɗaya ya lalata mini kofi guda. Saura 70.

A nan ne na fahimci cewa aikin ba ya farawa sai ka san me za ka dafa da ƙwan nan bayan wata biyu. Wanda ka sa wa sukari ya zama na kek da cincin har abada, wanda ka sa wa gishiri ya zama na soyawa da miya. Sai na ɗauki takarda na yi lissafi: 40 ga kek ɗin bikin, 10 ga cin gida, 20 kuma zan raba fari daban gwaiduwa daban.

Na fara da arba'in ɗin. Kofin awona na mililita 240 ne, kuma manyan ƙwai biyar ne ke cika shi. Sai na riƙa fasa biyar-biyar, ina kaɗawa da cokali mai yatsu a hankali, iyakar dai fari da gwaiduwa su haɗu su zama launi ɗaya. Yaya ta ja mini kunne a kan wannan: kada in buga shi kamar zan yi kek, don iskar da ta shiga za ta zama kumfa, kumfar ta bushe a firiza ta sa saman ya yi yauƙi da tauri. Kowane kofi na zuba masa sukari babban cokali ɗaya da rabi, na ci gaba da juyawa har na daina jin ƙarar sukarin a ƙasan kwano. Sannan na tace ta rariya. Tacewar tana kama farin zaren nan da ke riƙe gwaiduwa, da guntun ɓawon da ya kuɓuce, da dunƙulen farin da bai haɗu ba. Na samu kofi takwas. Na gida kuma kofi biyu, kowanne da gishiri rabin ƙaramin cokali a shafe.

Cokalin nan ina nufin na awo, ƙarami mililita 5, babba mililita 15. Cokalin cin shinkafa na gidajenmu kowanne da girmansa, kuma da gishiri ɗan ƙari kaɗan yana fitowa a baki.

Rabawar ita ta fi cin lokaci. Ƙwan da ya yi sanyi ya fi rabuwa da kyau, don gwaiduwarsa ba ta saurin fashewa, saboda haka ashirin ɗin nan na kwana da su a firiji. Ni da hannu nake rabawa: in juye ƙwan a tafin hannu, farin ya zurare ta tsakanin yatsu, gwaiduwar ta zauna. Kofi uku nake ajiyewa, ɗaya na fasawa, ɗaya na tara fari, ɗaya na gwaiduwa. Idan ɗigon gwaiduwa ya faɗa cikin farin wani ƙwai, wannan ba ya shiga tarin, sai ya tafi cikin na soyawa, domin maiƙo ko kaɗan ne yana hana fari tashi idan an zo bugawa. Sau biyu hakan ya faru, na maye gurbinsu da ƙwan kajinmu na gida.

Farin ban sa masa komai ba. Na zuba shi a farantin ƙanƙara, sai na tarar gurbi ɗaya na farantina ba ya ɗaukar farin ƙwai guda cif, don haka na koma awo: babban cokali biyu shi ne farin ƙwai ɗaya. Na raba shi a ƙananan robobi masu murfi, na ƙwai huɗu-huɗu. Gwaiduwar kuma na kasa ta kashi biyar, huɗu a kowane kashi. Na huda su na juya a hankali. Kashi uku na zuba wa kowanne sukari ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Kashi biyu na zuba gishiri kashi ɗaya cikin takwas na ƙaramin cokali, wanda nake samu ta hanyar shafe cokali guda a faranti, in raba shi biyu, in sake raba rabin, in sake raba kwatan. Yana da wuyar yarda cewa ɗan wannan gishiri zai yi aiki, amma ya yi. Abin lura dai shi ne ya narke ya zagaya ko'ina, domin duk inda bai kai ba wurin zai yi gudaji.

Haɗaɗɗen ƙwan na zuba shi a leda mai kauri mai zif, kofi ɗaya a kowace leda. Na matse iskar, na rufe, na kwantar da su a kan tire suka bazu kamar faifai, kaurinsu bai kai yatsa ba. Mai faɗi haka ya fi saurin daskarewa, ya fi saurin narkewa, kuma ana jera shi kamar littattafai. A robobi kuwa na bar sarari kamar faɗin yatsa a sama, don kada kumburin ya ture murfi. Na rubuta a jikin kowanne yawan ƙwai da kwanan wata da abin da na sa.

Rubutun nan ne ya ba ni matsala. Bayan mako uku, raɓar firiza da gogayyar ledojin zobo sun goge tawadar daga ledoji da yawa, kuma ƙwai mai sukari da mai gishiri kamarsu ɗaya a ido. Wata safiya ina kasuwa, 'yata ta narkar da leda guda ta soya wa babanta wainar ƙwai da albasa da attarugu. Da na dawo ta ce, "Umma, ƙwan nan ya ƙone tun kafin cikinsa ya nuna, kuma Abba ya ce zaƙi yake ji." Na ɗaga kaskon na ga ƙasan ya yi baƙi-baƙi ya kama, alamar sukari ke nan a wuta. Kofi guda na kek ɗin biki ya tafi. Ranar na fito da su ɗaya bayan ɗaya, na kankare ɗan gefe na taɓa a harshe na tofar, na ware su. Ban so yin hakan ba tunda ɗanyen ƙwai ne, amma babu wata hanya. Tun daga nan masu gishiri a jar jaka suke zama, masu sukari a fara, kuma ina rubuta takarda da fensir in saka tsakanin leda biyu.

Wuta ita ce babbar fargabata. A watannin zafi ana yawan ɗauke ta a nan, wani lokaci yini guda. Ana cewa ƙwan da aka daskarar haka yana kai shekara ɗaya, amma wannan ga firizar da ke tsaye a digiri 18 ƙarƙashin sifili ne ba tare da hawa da sauka ba. Ni ba na wuce wata uku. Na sa ƙwan a can ƙasa, na jera ƙanƙarar sayarwa a kansa da gefensa. Firiza cikakkiya in ba a buɗe ta ba tana riƙe sanyinta kamar kwana biyu, wadda take rabi kuwa kamar kwana ɗaya, a zafinmu ma ba na dogara da ta kai haka. Na kuma daskarar da ruwa a ƙaramin kofi na ɗora kwabo a samansa. In na buɗe na ga kwabon yana sama, ban damu ba. In ya nutse ƙasa, to an narke an sake daskarewa ina barci ko ina unguwa. Sau ɗaya wutar ta kwana biyu ba ta dawo ba, na tarar ledoji biyu na sama sun yi laushi amma da sauran ƙanƙara a cikinsu. Ban jira komai ba, na yi cincin da su ranar. Da na same su sun narke sarai har sun rasa sanyi, da zubarwa zan yi ko da ba sa wari, domin sanyin firiza ba ya kashe ƙwayoyin cutar da ke iya kasancewa cikin ɗanyen ƙwai, irin su salmonela. Kwantar da su kawai yake yi, da sun ji ɗumi su tashi su hayayyafa.

Da bikin ya matso sai batun narkarwa. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce a fito da ledar da dare, a ɗora ta a faranti, a sa a firiji, da safe ta narke. In ina sauri kuma, ina nutsa ledar a rufe cikin ruwan sanyi ina canza shi. A Garwa sai an kula da wannan, don ruwan famfo da rana zafi yake fitowa, saboda haka ni ruwan randa nake ɗiba in jefa ƙanƙara a ciki. Leda mai faɗi ba ta kai awa guda take sakewa. Ba na ajiye shi a rana ko kusa da murhu, ba na kuma sa ruwan zafi, don gefen zai fara dahuwa tsakiyar tana ƙanƙara. Wanda ya narke a ranar nake amfani da shi, kuma ba ya komawa firiza.

Idan ya narke kamanninsa na iya ba mutum tsoro. Launin ya fi duhu, ya koma kamar ruwan lemo, ya ɗan yi kauri, wani lokaci ruwa-ruwa ya kwanta a gefe. Kaɗawa kaɗan da cokali sai ya haɗe. Babban cokali uku na wannan haɗin shi ne ƙwai ɗaya, gwaiduwa kuma babban cokali ɗaya.

Kek ɗina na biki kwaɓi ɗaya yana cin ƙwai 10, wato leda biyu, saboda haka na rage sukari babban cokali uku daga awon da na saba. Na bar ƙwan ya ɗan saki sanyinsa kamar minti 20 kafin in zuba, domin in ya shiga da sanyi cikin man da aka buga da sukari, man yana ƙullewa kwaɓin ya tsinke. Na zuba shi kaɗan-kaɗan ina bugawa. Kwaɓi biyu na yi da na firiza zalla, na ukun leda ɗaya da sabon ƙwai biyar, na huɗun kuma sabon ƙwai zalla, a madadin wanda aka soya da waɗanda na yi cincin da su. Na yanka na kwatanta su gefe da gefe, ban ga bambancin da za a nuna da yatsa ba, ko a tashi ko a laushi. Irin kek ɗin da ake sa wa bakin foda ke nan. Kek mai soso wanda tashinsa ya dogara ga kumfar ƙwan da aka buga gaba ɗayansa, wannan na gwada daga baya bai tashi kamar na sabon ƙwai ba, kuma ba zan yi wa mai biki shi da na firiza ba.

Cincin da dublan da biskit duk sun karɓi mai sukari ba tare da wata alama ba. Gwaiduwa mai sukari na yi kastad da ita a kan wuta kaɗan, ta haɗu da madara sumul, ba irin ta daren farko ba, ko da yake ta fi sabuwa kauri sai da na fara sassauta ta da madara cokali biyu. Mai gishiri kuma na kaɗa ta da ɗan ruwa na shafa a saman burodin nama kafin gashi, ya fito da sheƙi.

Haɗaɗɗe mai gishiri shi ne abokin karin kumallo. Wainar ƙwai da taliya, wadda kowane mai shayi a garin nan yake yi, ta fito daidai. Haka miyar ƙwai ta cin doya, haka tsoma doya ko awara kafin suya. Sai dai gishirin da ke cikin kofin ya isa ƙwai biyar ɗin, don haka ba na ƙara wani, dunƙule ma rabi nake sawa. In an soya shi shi kaɗai ba kayan haɗi, mai lura zai ji ya ɗan fi sabo tauri, kuma in wutar ta yi yawa yana tsatso ruwa. Madara cokali ɗaya da wuta marar ƙarfi suna gyara shi.

Farin ya fi duka burge ni. Na bar shi ya huta rabin awa bayan ya narke, na buga shi a busasshen kwano, ya tashi fari fat ya tsaya a kan maburgi. Na yi alawar kwakwa ta gashi da shi. Abin da ba na yi da kowanne cikinsu shi ne duk abincin da ƙwan ba zai nuna sosai ba. Mayonez na gida ba na yin sa da gwaiduwar firiza, haka kwalliyar saman kek da ake yi da ɗanyen fari. Dafaffen ƙwai kuma kada ma a fara sa shi a firiza: maƙwabciyata ta gwada da ragowar na suna, farin ya fito kamar roba yana zubar ruwa.

Da damina ta kankama, zabi suka fara zuba ƙwai, na je kasuwar Pitowa ranar Lahadi na sayo ƙwan zabi da arha na sake yin aikin. Shi ƙarami ne, ɓawonsa da tauri sai an buga shi a bakin wuƙa, kuma gwaiduwarsa ta fi yawa idan aka kwatanta da farinsa. Ƙirga biyar-biyar bai yi aiki ba a nan, guda bakwai ne suka cika mini kofi, sai na bi kofin na sa gishiri ko sukari yadda na saba. Baragurbi ma ya fi yawa a cikinsa tunda daga daji ake tsinto shi, ƙaramin kofin fasawa ya yi aiki sosai ranar. Leda shida na ajiye masu sukari, na kuma rubuta wa Yaya awon don ita ma tana son ta gwada da na zabi kafin damina ta wuce.